Na gaishe shi har sau biyar amma ya kashe waya, ina kuskuren yake?

Nura: Salamu alaikum jama'ar gida, dan Allah ina neman shawara don abin ya tsaya min a rai tun jiya. Kawuna ne ya ba ni lambar wani tsohon abokinsa mai kula da wani wurin gyaran injina, ya ce in kira shi kan maganar koyon aiki, ya ce ya taɓa yi masa maganata kamar wata biyu da suka wuce. Na kira wajen ƙarfe 10:40 na safe, ya ɗauka, na yi sallama ya amsa, na ce ina kwana ya ce lafiya, na ce an tashi lafiya ya ce lafiya, ya aiki, ya iyali, ya gajiya, to tun daga kan ya iyali na ji amsar tasa tana ƙara gajarta har ta koma "uhm". Sai ya ce wa ke magana. Na ce Nura ne. Ya ce wane Nura. To a nan na rikice na fara ba shi labari tun daga makarantar da na gama, ban ma kai ga sunan kawuna ba ya ce "ka ga ina cikin wani abu" ya kashe. Na duba wayata, sakan 48 ne duka kiran. Na sake kira sau biyu a jere bai ɗauka ba. Ni dai a sanina gaisuwa girmamawa ce, to me na yi ba daidai ba?

Hajiya Bilki: Wa alaikumus salam Nura. Shekara 14 na yi ina kan teburin karɓar waya a ofis kafin in bari, irin kiranka na ji shi ba adadi. Gaisuwarka ba laifi ba ce ɗana, wurin da ka ajiye ta ne bai yi ba. Ka sa kanka a matsayinsa: baƙuwar lamba ta shigo, yana tsakiyar aiki, ya ɗauka don bai san ko wani abu ne mai muhimmanci ba. Duk lokacin da kake ce masa ya aiki ya iyali, shi ba gaisuwar yake ji ba, laluben muryarka yake yi a kansa, wannan wane ne, na san shi ko ban san shi ba, bashi ne ko roƙo ko talla. Kowace gaisuwa da ka ƙara, ƙara masa wannan lalube kake yi. Wannan "uhm" ɗin da ka ji ita ce alamar, da zarar amsa ta fara gajarta to mutum yana ce maka kai waye ne ba tare da ya furta ba.

Sannan "Nura ne" ba gabatar da kai ba ne a wurin wanda bai san ka ba. Suna shi kaɗai yana aiki ne ga wanda kake cikin kansa dama. Shi abin da zai kama shi ne igiyar da ta haɗa ku, wato kawunka, kuma ita ce ka bari a ƙarshe har ba ka kai gare ta ba.

Nura: To Hajiya da yaya ya kamata in ce? Wallahi da ya ce wane Nura kaina kullewa ya yi.

Hajiya Bilki: Da ni ce kai ga yadda zan yi. Sallama, ka jira ya amsa. Gaisuwa ɗaya, barka da safiya ranka ya daɗe. Daga nan kar ka tsaya: "Sunana Nura, ɗan 'yar uwar Alhaji wane ne, shi ya ba ni lambarka. Kan maganar koyon aiki ne da ya ce ya taɓa yi maka. Minti uku nake nema, yanzu ya yi ko in kira wani lokaci?" Sai ka yi shiru. Shirun nan yana cikin aikin, da yawa suna yin tambayar amma ba sa jiran amsa, suna cewa ko kana da lokaci kuma a numfashi ɗaya sun zarce da labari, to ka ga ba tambaya suka yi ba kenan.

Gwada faɗa da agogo a hannu, bai wuce sakan 15 zuwa 20 ba. Kai ka ci sakan 48 kuma har aka rabu mutumin bai san wanda ya kira shi ba. Idan ya ce yanzu ya yi, to a nan ne za ka shimfiɗa gaisuwarka ya aiki ya iyali, lokacin zai ji daɗinta don ya san daga bakin wa ta fito.

Malam Sabo: Ni fa ban gamsu ba Hajiya. Yaro ya kira babba ya gaishe shi yadda ya kamata, babban ya kashe masa waya, sannan mu taru mu ce yaron ne da laifi? Ni idan yaro ya kira ni ya yi sallama ya faɗa kan buƙatarsa kai tsaye, a raina zan ce wannan bai san mutane ba, buƙatarsa kawai ya sani. Gaisuwa ba ɓata lokaci ba ce. Minti ɗaya me zai rage wa mutum. Nura kar ka bari a raba ka da ladabinka saboda mutum ɗaya mara haƙuri.

Hajiya Bilki: Malam ban ce ya jefar da gaisuwa ba, na ce ya matsar da ita gaba kaɗan. Kuma ka lura ban ce ya faɗa kan buƙata ba, jumla ɗaya ce kawai da za ta nuna kan maganar, cikakken bayani sai an ba shi izini. Idan yaro ya zo wurinka ido da ido, fuskarsa ta riga ta gaya maka ko shi waye tun kafin ya buɗe baki, kuma shi ma idonsa ya nuna masa ko kana cikin aiki ko kana zaune, shi ya sa doguwar gaisuwa take zama daidai a wurin. Waya ta cire abubuwan nan biyu, ba ka ganinsa ba ya ganin halin da kake ciki. Dole baki ya yi aikin da ido yake yi, faɗin suna ya maye gurbin fuska, tambayar lokaci ta maye gurbin leƙawa ka ga ko mutum yana da sarari.

Malam Sabo: Wannan na ido da baki na karɓa, magana ce. Amma kashe wayar da ya yi har yanzu ban ga uzurinsa ba.

Ɗanlami: Ni dai gaskiya baƙuwar lamba ba na ɗauka kwata kwata, musamman masu fulashin ɗin nan su kira sau ɗaya su katse wai kai ka kira su. In kana da magana ka sa kati ka kira, haba. Nura ka tabbata ba katinka ne ya ƙare ba ka zaci shi ya kashe?

Nura: A'a yaya Ɗanlami, ba maganar fulashin ba ce, ya ɗauka mun yi magana, shi da bakinsa ya ce yana cikin wani abu. Katina kuma yana nan.

Kabiru mai talla: Bari in kawo ta wani ɓangaren don ni kiran mutane shi ne sana'ata, a rana nakan kira mutum 30 ko fiye. Suna da dalili a farko, wannan na yarda ɗari bisa ɗari. Amma tambayar "kana da lokaci" ni na daina yinta, don ƙofar gudu ce kake buɗe wa mutum da hannunka. Goma ka tambaya, yawanci za su ce a'a yanzu ina aiki ko da kwance suke, kuma in ka sake kira ba za su ɗauka ba. Ai wanda ba shi da lokaci ba ya ɗaukar waya tun farko. Tunda ya ɗauka ya ba ka izini kenan, kai dai ka yi sauri ka faɗi abin da ya kawo ka.

Maman Ilham: Kabiru wannan magana taka ta cewa wanda ya ɗauka yana da lokaci wallahi ba haka ba ne. Ni yarana biyu suna makaranta, mahaifiyata kuma ba ta da lafiya, duk lambar da ta shigo sai na ɗauka ko me nake yi saboda ban sani ba ko daga makaranta ne ko daga asibiti. Ranar nan ina yi wa jaririya wanka, hannuna duk kumfa, waya ta yi ƙara, na goge hannu ɗaya a zani na danna na maƙale ta a kafaɗa, ɗayan hannun yana riƙe da yarinya a cikin ruwa. Mai kiran ya shiga bayani tiryan tiryan ko numfashi ba ya yi, ni kuma kunya ta hana ni katse shi don da alama babba ne, sai da ruwan ya huce yarinya ta fara kuka sannan ya ce au kina aiki ne. Na ɗauka ne don tsoro, ba don ina da lokaci ba. Da ya tambaya tun farko da na ce ba ni minti goma kuma da na saurare shi da kunne biyu, amma yanzu ko rabin abin da ya faɗa ban riƙe ba.

Kabiru mai talla: Allah ya ba Mama lafiya. Amma Maman Ilham ke mai gaskiya ce za ki ce minti goma kuma ki ɗauka bayan minti goman, yawancin mutane ba haka suke ba.

Hajiya Bilki: Kabiru akwai gaskiya a maganarka amma rabi ce. Tambayar da ake gudu da ita ita ce tsirararta, "kana da lokaci?" ba a san lokacin me ba, ba a san nawa ba, to wa zai sa hannu a takardar da ba a rubuta komai ba? Dole mutum ya ce a'a don kare kansa. Shi ya sa na ce dalili ya riga tambaya, kuma a saka adadi, minti biyu ko minti biyar, sannan a ba da zaɓi biyu, yanzu ko wani lokaci. Haka ko ya ce a'a, a'ar tasa tana zuwa da lokaci a haɗe. Kuma in ka ce minti uku to ya zama uku, in sun cika kai da kanka ka ce ranka ya daɗe minti ukun da na roƙa sun cika, in ƙarasa ko mu bari sai anjima. Wanda ya yi haka sau ɗaya, gobe in an ga lambarsa za a ɗauka.

Sannan ka tuna kai talla kake yi, in mutum ɗaya ya ji haushi kana da wasu 29. Nura mutum ɗaya gare shi.

Kabiru mai talla: Ta ƙarshen nan gaskiya ce, nasa daban ne. Amma a wurin aikina ina nan kan bakata, na gwada duka biyun.

Dr. Asma'u: Ina ta bin muhawarar nan da sha'awa don abin da nake koyarwa ne a fannin harshe. Akwai wani malami Ba'amurke, Emanuel Schegloff, da ya zauna ya saurari farkon kiraye kirayen waya kusan 500 ya fitar da nazarinsa a 1968, daga baya ya ci gaba da aiki a kai har ya nuna cewa buɗe kira yawanci hawa huɗu ne a jere: ƙarar waya da amsawa, sai gane juna, sai gaisuwa, sai tambayar lafiya, sannan a shiga abin da ya sa aka kira. Ku lura gane juna ya riga tambayar lafiya. Abin da ya faru da Nura shi ne ya tsallake hawa na biyu ya hau na huɗu, shi kuma mutumin yana tsaye a na biyu yana jira, shi ya sa ya jawo shi baya da "wa ke magana".

Amma Malam Sabo ma yana da abin kamawa a nan, don ba ko'ina ake yi iri ɗaya ba. A Holan misali wanda ya ɗauki waya yakan fara da faɗin sunansa ne, mai kira ma ya faɗi nasa. A wasu wuraren kuma, tsakanin makusanta, an fi son a gane ka da murya, har in ka faɗi cikakken sunanka ga amininka sai ya ji kamar ka nesanta shi. To faɗin suna ba dole ba ne a kowane kira, ya danganta ga ko kana da tabbacin za a gane ka. In kana shakka ko kaɗan, faɗa. Wanda ya riga ya gane ka ba ya asarar komai in ka faɗa, wanda bai gane ba kuwa ka cece shi daga kunyar tambaya.

Injiniya Auwal: In ƙara kan maganar Dakta ta ɓangaren na'ura, mutane suna yarda da muryarsu fiye da kima. Layin waya na gargajiya sautin da yake wucewa da shi tsakanin 300 ne zuwa 3,400 Hz kawai a ma'aunin kauri da kaifin sauti, ƙasan murya da samanta duk an yanke, shi ya sa 'yan uwa biyu sukan yi kama a waya, kuma "s" da "f" suna rikicewa, ka ce Hafsa a ji Hassana. Sababbin layuka da kiran intanet sun fi faɗi amma in sabis ya yi rauni sai a hankali. Abu na biyu, farkon kira yakan yanke, mutum ya danna amma bai kai wayar kunne ba tukuna, ko tana ƙoƙarin haɗuwa da sifikar mota ko abin kunne. In ka jefa sunanka a sakan na farko zai iya ɓacewa. To sallamar nan da jiran amsa tana da aiki ko a wajen na'ura, ita ke tabbatar maka layi ya buɗe kuma ana jinka, sai ka faɗi suna a hankali ba da gudu ba.

Malam Sabo: Ka ga ni ko, ashe har injin ma ya san gaisuwa ce farko.

Zainabu A.: Ni abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu "kin gane mai magana?" Ka ce a'a su ce haba dai, yanzu har kin manta da ni, canka mana. Kana tsaye kana jin kunya a kan laifin da ba naka ba. Kuma ba ƙaramin abu ba ne don da shi aka cuci gwaggota. Wani ya kira ta da baƙuwar lamba ya gaishe ta da ladabi sosai, ya ce Mama ba ki gane ni ba, ita kuma don kar ta ba shi kunya sai ta ce ko wane ne, ta ambaci sunan ɗan ƙanwarta da ke karatu a nesa. Ya ce shi ne mana, wayata ce ta faɗi na ari ta aboki. Ita ta ba shi sunan da bakinta, shi bai san kowa ba. Sauran labarin kun san shi, matsala ta taso a turo kuɗi da gaggawa. Tun daga ranar na ce mata duk wanda ya ce ki canka, ki ce faɗa min sunanka, kar ki taɓa ambatar suna ke da kanki, in kuma ya ce shi wane ne ki kashe ki kira tsohuwar lambar wanen.

Dr. Asma'u: Allah ya mayar mata da alheri. Wannan salon damfarar ba a wuri ɗaya yake ba, a Japan har suna gare shi, "ore ore", ma'ana ni ne ni ne, a Jamus ma suna kiransa dabarar jika don tsofaffi ake nufa da shi. Kuma yana da nasaba da maganar Nura kai tsaye, saboda mutane da yawa yanzu sun koyi cewa baƙuwar murya mai yawan ladabi da ba ta faɗi suna ba abin tsoro ce. Mai yiwuwa mutumin bai ɗauke ka mara kunya ba Nura, ya ɗauke ka wanda ake taka tsantsan da shi ne.

Sista Rabi: Ina da ƙari da kuma ɗan saɓani da tsarin Hajiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, nakan kira 'yan uwan marasa lafiya. Na farko, mu ba ma faɗin dalili sai mun tabbatar da wanda ya ɗauka, don waya ɗaya mutum uku na iya ɗauka, miji ko ɗa ko maƙwabci. Ina faɗin sunana da inda nake kira tukuna, sannan in ce da wance nake magana? Ba na fara da "wa ke magana" don ni na kira, ni ya kamata in fara bayyana kaina, abin haushi ne ka kira mutum kuma ka tare shi da waye wannan. In maganar ta sirri ce nakan ƙara da cewa ke kaɗai ce ko wayar tana kan sifika.

Na biyu, tambayar "za ki iya magana yanzu?" in ta fito daga bakin wanda ake tsoron labarinsa, tana tsinka zuciya. Na taɓa yi wa wata mata ita, kan canjin ranar ganin likita ne kawai, na ji numfashinta ya canza ta ce Sista faɗa min kawai ya rasu ne? Tun ranar in lafiya ce sai na fara da cewa lafiya lau ce ba wani abu ba ne, kan ranar dawowa ne, sannan in tambayi lokaci. In kuma gaggawa ce ta gaske ba na tambayar ko lokaci ya yi, ina cewa maganar gaggawa ce, in kina tuƙi ki samu wuri ki tsaya ina kan layi.

Hajiya Bilki: Sista na karɓi gyara, tabbatar da wanda ya ɗauka na manta ban saka ba, kuma ya shafi Nura ma, don manya da yawa yaransu ko direba ke riƙe musu waya. Bayan ka faɗi sunanka sai ka ce da Alhaji wane nake magana? Kalma biyar ce.

Nura: Na gode ƙwarai, na fahimci inda na kauce. To yanzu ya zan gyara, in sake kira yau ko in bari kawuna ya kira shi?

Ɗanlami: Ka ci gaba da kira kawai har ya ɗauka, mai nema ba ya gajiya.

Hajiya Bilki: A'a Ɗanlami, kai da ka ce ba ka ɗaukar baƙuwar lamba? Kira biyun da ya yi a jere bayan mutum ya ce ina cikin wani abu su ne ma suka fi doguwar gaisuwar illa, don ya gaya maka halin da yake ciki kai kuma ka nuna ba ka ji ba. Nura kar ka kira, tura tes gajere, abin da ya kamata ka faɗa da baki jiya shi za ka rubuta: sallama, sunanka da na kawunka, ni ne na kira jiya da safe a yi min afuwa na same ka cikin aiki, kan maganar koyon aiki ne, wane lokaci ne zai yi in kira na minti uku. Shi kenan, kar ka haɗa da tarihin makaranta. In kwana biyu suka wuce shiru, to sai kawunka ya taɓa shi.

Kuma don gaba, in mutum ya ce ba yanzu ba, kar ka ce to sai anjima ka kashe, anjima ba lokaci ba ce. Ka ce ƙarfe nawa zai yi, in ya ce da yamma ka ce ƙarfe 4 ya yi? Kuma kai mai buƙata kai za ka kira, in ya ce zan kira ka ka ce to na gode, in ban ji ka ba zuwa gobe da rana in taɓa ka? Yawanci za su ce eh, ka ga ka samu izinin kira na biyu kenan ba naci ba.

Maman Ilham: Ni tambayata, wannan duk har da na gida? Don in na kira yayata na ce sunana wance minti uku nake nema ai sai ta ce lafiyata ƙalau kuwa.

Dr. Asma'u: Suna ya faɗi tunda tana da lambarki, sai dai in da wayar wani kika kira. Amma tambayar lokaci ni ina ganin ta fi zama dole a kan na gida, don su ne ba sa iya ce miki a'a. Ba sai da tsari ba, "Yaya kina wani abu ne?" ya wadatar.

Maman Ilham: Hmm, ni kam in ƙanwata ta tambaye ni haka kullum zan ji kamar ta mayar da ni baƙuwa. Sai dai in hirar mai tsawo ce.

Nura: Jama'a na dawo da labari. Na tura tes ɗin jiya da rana kamar yadda Hajiya ta tsara, bai amsa ba sai da daddare, abin da ya rubuto kawai "4:30 gobe". Yau tun 4:25 ina riƙe da waya, na rubuta jumlolin a takarda a gabana. Na kira 4:30 daidai, na yi sallama na jira, na ce barka da yamma ranka ya daɗe Nura ne ɗan 'yar uwar Alhaji wane da ka ce in kira yanzu, lokacin ya yi har yanzu ko wani abu ya taso? Ya ce a'a ina jinka. Sai shi da kansa ya fara tambayar ya kawun naka, ya jikinsa, muka gaisa sosai. Ya ce shekaranjiya yana tsaye ne a kan wani inji da aka buɗe, mutum biyu suna jiran ya gaya musu abin da za su yi. Bai yi min alkawarin komai ba, ya ce wuri a cike yake yanzu amma in turo takarduna ya gani, in sake tuntuɓarsa farkon wata. Kiran minti 4 da sakan 10, na wuce ukun da na roƙa amma shi ne ya ja gaisuwar.

Kabiru mai talla: Madalla. Amma ka lura tes ɗin ne ya yi aikin, da ka tambaya da baki ranar farko zai iya cewa a'a ya manta da kai.

Hajiya Bilki: Zai iya, Kabiru, ba ni da tabbacin akasin haka. Nura farkon wata in za ka kira kar ka ɗauka ya ajiye lambarka, sake faɗin sunan kawunka.

Malam Sabo: Allah ya sa a dace ɗana. Amma ka tambaye shi iyali dai ko?

Nura: Na tambaya Malam, bayan ya tambayi kawu. Ya ce duk suna lafiya.